Hanyar STAR a tattaunawar ɗaukar aiki: yadda ake amsa tambayar "ba mu labarin wani lokaci da..."

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamitin ɗaukar aiki na wata ƙungiyar agaji a Marwa, Njamena ko Difa ya san wannan lokaci. An gama gaisuwa, an duba takardun makaranta, sai ɗaya daga cikin mutane uku ko huɗu da ke zaune ya ɗago kai ya ce: "Ba mu labarin wani lokaci da ka gano kuskure a wurin aikinka. Me ka yi?" A nan ne mutane da yawa da suka cancanci aikin suke zubar da maki. Sun iya aikin, sun kuma fahimci tambayar, amma amsar da suke bayarwa ba ta ƙunshi abin da kwamitin ke jira ya rubuta ba.

Akwai hanyar tsara irin wannan amsa da aka sani da STAR. Haruffan huɗu farkon kalmomi huɗu ne, kuma sun yi daidai a Turanci da Faransanci, shi ya sa za ka ga sunan bai canza ba ko da wane harshe aka rubuta shawarwarin neman aiki. Da Hausa ma'anarsu ita ce yanayi, nauyi, mataki da sakamako. Wato halin da ake ciki, abin da ya rataya a wuyanka, abin da kai ka yi, da kuma yadda abin ya ƙare. Haddace waɗannan kalmomi ba shi da wuya. Wahalar tana kashi na uku, inda dole mutum ya buɗe baki ya ce "ni na yi kaza", abin da tarbiyyar gida ta hana yawancinmu.

Dalilin da ya sa ake yin irin wannan tambaya

Tunanin da ke bayan tambayar ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin mu ne muke cewa hali zanen dutse. Masu ɗaukar aiki sun lura cewa idan aka tambayi mutum me zai yi, kowa ya iya faɗin abin da ya dace. Idan kuwa aka tambaye shi me ya taɓa yi, sai a samu abin dubawa. A 1982 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Tom Janz ya wallafa bincike kan tattaunawar da ake ginawa bisa abin da mai neman aiki ya aikata a baya. Ita kuwa hanyar STAR ana danganta ta da kamfanin DDI na Amurka, wanda William Byham da Douglas Bray suka kafa a 1970. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka tattara binciken shekaru da dama, suka nuna cewa tattaunawa mai tsari, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya kuma a auna amsoshi da ma'auni ɗaya, ta fi hira sakaka iya nuna wanda zai riƙe aiki da kyau.

Yau hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna amfani da irin wannan tattaunawa, haka ma manyan ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin Tafkin Chadi, da kamfanoni irin su Amazon da ke shawartar masu neman aiki ƙarara su amsa da STAR. Ga wanda ke jin Hausa da Faransanci, wataƙila har da Fulatanci, Kanuri ko Larabcin Chadi, guraben irin waɗannan ƙungiyoyi suna cikin waɗanda harsunansa ke buɗe masa ƙofarsu. Amma harshe ƙofa kawai yake buɗewa. A cikin ɗakin, amsarka ce za a auna.

Yana da kyau ka san abin da ke gaban mutanen da ke sauraronka. Yawanci kowane ɗaya yana riƙe da takarda mai jerin halayen da gurbin ke buƙata, kamar aiki tare da wasu, tsara aiki, riƙon amana, ko iya magana da jama'a. Kowace tambaya an ɗaura ta a kan hali ɗaya, kuma akwai wurin rubuta shaida da wurin ba da maki, sau da yawa daga 1 zuwa 5. Ɗan kwamiti ba ya iya rubuta "da alama mutumin kirki ne" a matsayin shaida. Abin da yake iya rubutawa shi ne aikin da ya ji ka ce ka yi da hannunka, da abin da ya biyo baya. Idan ka yi magana minti biyar ba ka ba shi wannan ba, wurin shaida zai zauna wayam, makin kuma ya bi shi.

Misali: buhu goma sha biyu sun ɓata

Mu ɗauki misali, mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wani matashi yana neman gurbin mataimakin mai kula da ɗakin ajiya a wata ƙungiyar agaji. Ya yi shekara ɗaya yana irin wannan aiki na wucin gadi a wata ƙaramar ƙungiya. Aka yi masa tambayar da muka buɗe da ita. Ga amsarsa ta farko:

"To, a gaskiya aikin ajiya aiki ne na amana. Kuskure yakan faru, domin ɗan Adam ajizi ne. Ni dai idan na ga kuskure nakan sanar da shugabana, sai mu zauna mu duba. Akwai lokacin da aka samu matsala a lissafin buhuna, amma da ikon Allah muka haɗa kai aka warware ta. Ya kamata mai ajiya ya zama mai gaskiya da lura."

Babu ƙarya a cikin wannan amsa, kuma a zauren gida za a yaba da ladabin mai ita. Amma duba takardar ɗan kwamiti. Yaushe abin ya faru? Ba a faɗa ba. Buhu nawa? Ba a faɗa ba. Wa ya gano matsalar, wa ya warware ta, ta yaya? "Aka warware." Mutumin da ya kwana biyu yana bin takardu ɗaya bayan ɗaya ya ɓoye kansa a bayan kalma ɗaya. Yanzu ga labarin nan dai, an bi shi kashi-kashi.

Yanayi: "A daminar bara ina aiki a ɗakin ajiyar wata ƙungiya da ke raba abinci. A ƙidayar ƙarshen wata littafin ajiya ya nuna buhu 400 na shinkafa mai kilo 50, amma da na ƙirga na samu 388. Saura kwana uku a fara rabo."

Nauyi: "Ni ne ke riƙe da littafin, ni ne kuma zan sa hannu a rahoton ƙidaya. Dole in gano inda buhu 12 suka shiga kafin ranar rabo."

Mataki: "Da farko na sake ƙirgawa tare da mai gadi don in tabbata ba idona ba ne, muka sake samun 388. A ranar na sanar da shugabana a rubuce, tun kafin in san dalili, domin ban so ya ji a bakin wani ko ya ga kamar na jinkirta. Daga nan na ɗauko takardun shigar kaya da na fitar kaya na watan, na riƙa gwada kowace da abin da ke littafi, rana bayan rana. Na samu takardar fitar buhu 8 zuwa wata makaranta, da sa hannuna a kai, amma ban shigar da ita littafi ba, saboda a ranar motoci biyu sun zo lokaci guda na ce zan rubuta daga baya. Wannan kuskurena ne, haka kuma na rubuta a rahoto. Saura 4. Na tambayi masu dako ɗaya bayan ɗaya, sai ɗayansu ya nuna mini buhu 4 da ruwan sama ya taɓa, an ware su a ƙaramin ɗaki ranar da ba na nan. Na cika takardar kayan da suka lalace, na kai wa shugabana ya sa hannu."

Sakamako: "Lissafi ya daidaita cikin kwana ɗaya da rabi, aka yi rabo a ranar da aka tsara. Na ba da shawarar kada buhu ya fita ƙofa sai an rubuta shi, kuma a riƙa ƙaramar ƙidaya kowace Juma'a. Shugabana ya amince. A watanni biyar da na ƙara yi a wurin, ƙidaya ba ta sake saɓa wa littafi ba."

Idan aka faɗi wannan a natse, bai wuce minti biyu ba. Lura da yadda aka raba lokacin. Yanayi jimla uku ne, nauyi jimla biyu, mataki ya cinye fiye da rabin amsar, sakamako ya rufe. Haka ya kamata rabon ya kasance, domin kashi biyu na farko shimfiɗa ce kawai don mai sauraro ya gane girman abin, maki kuwa yana cikin mataki. Ɗan kwamiti yanzu yana da abin rubutawa: ya tabbatar kafin ya yi magana, ya sanar da wuri, ya bi takardu bi da bi, ya amsa laifinsa, ya gyara tsarin.

Kalmomi biyar da ke nuna amsa ta kauce

Hausa tana da wata hanya mai sauƙi ta gane ko amsarka na kan hanya. Saurari ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin aikatau. Idan ka ji kanka kana cewa "nakan", ka bar labari ka koma al'ada, kuma al'ada ba ta da rana ko wuri da za a bincika. Idan ka ce "zan", ka koma abin da bai faru ba. Idan ka ce "ya kamata", wa'azi kake yi. Idan ka ce "aka", ka ɓoye wanda ya yi aikin. Idan ka ce "muka", ka raba aikinka da mutanen da ba su zo neman gurbin ba. Abin da kwamiti ke jira shi ne "na": na ƙirga, na sanar, na gwada, na tambaya. Koma ka duba amsar farko ta matashin, za ka ga huɗu daga cikin waɗannan kalmomi a cikin jimloli biyar.

Wannan matsala ba ta ɓacewa don an koma Faransanci. Shi ma yana da lamirin da ba ya nuna mai aiki, wanda ake yawan amfani da shi a maganar yau da kullum a maimakon "mu". Wanda ya saba cewa "aka yi" da Hausa, bakinsa zai kai shi can kai tsaye. Don haka idan da Faransanci za a yi tattaunawar, da Faransanci za ka yi gwaji, kana lura da cewa kowace jimla ta kashin mataki ta fara da kai, kuma a lokacin da ya shuɗe.

Ba a ce a kori "mu" gaba ɗaya ba. Idan tambayar kan aiki tare da wasu ce, dole abokan aiki su bayyana. Ka bar "mu" a kashin yanayi da na sakamako, ka riƙe "na" a kashin mataki. Matashin ya ce "muka sake samun 388" domin da gaske su biyu suka ƙirga, ya kuma ambaci ɗan dakon da ya nuna masa buhunan. Bai ƙwace aikin kowa ba, bai kuma ba da nasa kyauta ba.

Batun kunya da yabon kai

An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci, kuma mai yawan "ni, ni" a gaban manya ba ya samun daraja. Wannan ya fi nauyi ga mata, da kuma matasan da ke zaune gaban mutanen da suka haife su. Amma akwai bambanci tsakanin yabo da shaida. Wanda ya ce "ni mai gaskiya ne, ni haziƙi ne" yabon kansa yake yi, kuma wannan ba ya kawo maki ko kaɗan. Wanda ya ce "na sanar da shugabana a ranar" bai yabi kansa ba, ya faɗi abin da ya faru ne, kamar mai ba da shaida gaban alƙali. A duk amsar matashin ta biyu babu siffa ko ɗaya da ya ba kansa. Bai ce shi mai amana ba ne. Ya bar kwamiti ya kai ga wannan hukunci da kansa.

Haka batun ambaton Allah. Babu wanda zai rage maka maki don ka ce alhamdu lillahi. Matsalar tana zuwa ne idan godiyar ta zauna a wurin bayani, kamar yadda "da ikon Allah aka warware" ta maye gurbin aikin kwana ɗaya da rabi. Ka gode wa Allah, sannan ka faɗi abin da ka yi.

Inda ake samo labarai

Da yawa suna cewa ba su taɓa aikin ofis ba, don haka ba su da abin faɗa. Tambayar ba ta ce sai ofis ba. Matar da ta riƙe adashin mata ashirin, wata ta kasa zubi wata biyu a jere kuma ranar kwasar wata ta gabato, tana da labarin warware rikici da riƙon amana, matuƙar za ta iya faɗin wa ta fara yi wa magana, me ta ce, wace yarjejeniya aka yi, da yadda zagayen ya ƙare. Yaron shagon da ya raka kaya daga Garwa zuwa Kusiri mota ta lalace a hanya yana da labarin yanke shawara cikin matsi. Malamin sa-kai, mai yi wa likita tafinta a asibiti, sakataren ƙungiyar matasan unguwa, duk suna da abin faɗa. Sharaɗin dai shi ne abin ya faru a wata rana sananniya, kai kana da hannu a ciki, kuma ya ƙare da wani abu da za a iya nunawa.

Shirin yana farawa ne daga sanarwar gurbin. Karanta ta da alƙalami a hannu, ka ja layi ƙarƙashin halayen da aka ambata, domin daga cikinsu tambayoyin za su fito. Sannan ka nemo labarai biyar ko shida daga shekarun baya-bayan nan: ɗaya na saɓani da abokin aiki, ɗaya na kuskurenka, ɗaya na aiki cikin ƙurewar lokaci, ɗaya na shawo kan wanda ya ƙi amincewa, ɗaya na wani sabon abu da ka kawo. Labari ɗaya yana iya amsa tambaya fiye da ɗaya idan aka sauya inda aka ba ƙarfi. Labarin buhu 12 zai amsa tambayar gaskiya, ta tsara aiki, ko ta gyara tsari. Sai dai kada ka maimaita shi a zama ɗaya, don kada a ɗauka shi kaɗai gare ka.

Ga kowane labari, rubuta layi huɗu kacal a takarda, layi ɗaya ga kowane kashi, da lambobin da ka tabbatar. Kada ka rubuta shi kalma-kalma ka haddace. Hadda tana da sauti, kowa na gane ta, kuma da an katse mai ita da tambaya sai zaren ya tsinke. Ka faɗi labarin da baki ga wani ɗan'uwa yana duba agogo, ko ka naɗi muryarka a waya ka saurara. Idan minti ɗaya ya wuce ba ka kai ga "na" na farko ba, shimfiɗarka ta yi yawa, ka rage ta. Wannan ita ce cutar da ta fi kama masu iya ba da labari: su faro daga yadda suka samu aikin, da wane ne shugaba, da halin hanya a damina, har lokaci ya ƙare ba a zo ga abin da suka yi ba.

Sakamako idan babu lamba, ko idan abin bai yi kyau ba

Lamba tana ƙarfafa sakamako, amma sai ta gaskiya. Idan ba ka tuna adadi daidai ba, ka ce "kimanin", ko ka kawo wata shaida: aikin ya ƙare a kan lokaci, ƙorafi ya tsaya, an ci gaba da amfani da tsarin bayan tafiyarka, an sabunta maka kwantiragi. Abin da ba ya aiki shi ne rufewa da "kowa ya ji daɗi", domin ba a iya auna shi.

Idan aka tambaye ka lokacin da ka gaza, ka ba da gazawa ta gaske. Masu cewa "aibina shi ne ina son aiki da yawa" kwamiti ya ji irinsu sau ɗari. Zaɓi kuskuren da ya faru da gaske, wanda ba na cin amana ba ne, ka faɗi rabonka a ciki ba tare da jingina shi ga wani ba, sannan ka ƙara abin da ka canza daga ranar. Wasu kwamitocin ma suna tambayar darasin da aka koya a matsayin kashi na biyar. Darasin ya zama aiki da ake gani, irin "buhu ba ya fita sai an rubuta". Cewa "na koyi yin hankali" bai isa ba. Ka kuma kiyaye sirrin tsohon wurin aikinka da mutuncin mutanensa: "wani abokin aiki" ya wadatar, ba sai da suna ba. Wanda ya zagi tsohon shugabansa a gaban kwamiti ya nuna musu yadda zai yi maganarsu gobe.

Tambayoyin da ke biyo baya

Amsar farko ba ita ce ƙarshe ba. Ƙwararren mai tambaya zai tono. Zai iya ce wa matashin: "Me ya sa ka sanar da shugabanka kafin ka gano dalili?" Ko: "Da ya ji, me ya ce?" Ko: "Da ba ka samu buhu 4 ɗin ba, me za ka rubuta a rahoto?" Idan ya ji "muka" ya yi yawa, zai ce: "Kai fa, me ka yi?" Wannan tambaya alama ce cewa ana ba ka dama ta biyu, ka karɓe ta.

A nan ne labarin aro ke rushewa. Wanda ya ɗauko misali daga intanet ko daga bakin aboki yana iya faɗin kashi huɗun lafiya lau, amma ba zai san me shugaban ya ce ba, ko wace takarda aka fara dubawa, ko me ya sa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya ta biyu ko ta uku ake kai ƙarshensa. Ƙaramin labari na gaskiya, ko na buhu huɗu ne, ya fi babban labarin da ba naka ba, domin duk inda aka taɓa shi kana da amsa. Ƙungiyoyi da yawa kuma suna tuntuɓar waɗanda ka ba da sunansu a matsayin shaidu kafin su ba da takardar aiki.

Idan tambaya ta zo ba ka da labarinta a shirye, ka nemi ɗan lokaci ka yi tunani. Shirun daƙiƙa goma ba laifi ba ne. Idan da gaske ba ka taɓa shiga irin halin ba, ka faɗi haka, ka kawo mafi kusa da shi: "Ban taɓa shugabantar ma'aikata ba, amma na taɓa tsara aikin ƴan sa-kai shida a ranar rabo." Idan ba ka gane tambayar ba, musamman ta waya ko ta bidiyo inda layi ke yankewa, ka roƙi a maimaita. Amsa mai kyau ga tambayar da ba a yi ba ba ta da maki.

Inda hanyar ba ta aiki

STAR ta tambayoyin abin da ya wuce ce. Ana gane su daga farkonsu: "ba mu labarin", "ba mu misalin", "ka taɓa". Idan aka ce "me za ka yi idan mota ta iso da buhunan da ba su kai adadin da ke takarda ba", wannan tambayar zato ce, kuma ana son jin matakan da za ka bi a jere. Kana iya rufewa da gajeren misali idan kana da shi. Idan aka tambayi yadda ake jera buhuna don iska ta ratsa, ko me ya sa ake fara fitar da kayan da wa'adinsu ya fi kusa, ilimin aikin ake nema, sai ka amsa kai tsaye. Haka tambayar me ya sa kake son aikin, ko nawa kake sa ran a biya ka. Mai cusa labari mai kashi huɗu a kowace tambaya yana gajiyar da masu sauraro.

Kuma tsari ba ya ƙirƙiro ƙwarewar da babu. Abin da yake yi shi ne hana wadda ke akwai ɓacewa a cikin kunya da dogon zance. Matashin misalinmu mutum ɗaya ne a amsoshin biyu, aikin da ya yi a ɗakin ajiyar ma ɗaya ne. A ta farko kwamiti ya ji cewa an samu matsala an warware. A ta biyu ya ji wanda ya ƙirga, wanda ya sanar, wanda ya amsa laifin buhu 8 kuma ya nemo sauran 4. Kafin tattaunawarka ta gaba, ɗauki labari ɗaya daga aikinka, ka faɗe shi da baki cikin minti biyu, ka ƙirga sau nawa ka ce "aka" da sau nawa ka ce "na".